Yadda Ake Goge Muryar Da Google Ya Adana, Da Hana Shi Sake Adanawa

Kusan duk wayar Android da ke hannun mutane, Tecno ce ko Infinix ko Itel ko Samsung, tana ɗauke da Google Assistant ko magajinsa Gemini, mataimakin nan da ake yi wa magana da baki ya kira lamba, ya saita ƙararrawa, ko ya nemo wani abu a intanet. Ko wanda bai san sunansa ba yana amfani da ɗan'uwansa, wato alamar makirufon da ke gefen wurin bincike da wadda ke cikin Maps. Tun da Google ya ƙara Hausa cikin harsunan binciken murya a watan Oktoban 2024, mutanen da rubutu ke yi musu wuya sun samu sauƙi, sai su taɓa makirufo su faɗi abin da suke so. Abin da aka faɗa yana tafiya kwamfutocin Google, a can ake gane shi a dawo da amsa. Abin da wannan jagora ta damu da shi shi ne abin da ke saura a can bayan an ba ka amsar.

Abu uku ne ke iya saura, kuma kowanne da makunninsa daban. Akwai sautin muryarka kansa, wanda za a iya kunnawa a saurara. Akwai rubutun abin da ka faɗa, da ranar da lokacin da wayar da ka yi amfani da ita. Sannan akwai samfurin muryarka, wanda waya ke amfani da shi ta gane kai ne ka kira ta. Yawancin masu cewa sun kashe abin, ɗaya suka kashe cikin ukun. Kuma kashewa ba gogewa ba ce: wanda ya rufe famfo bai zubar da ruwan da ya riga ya taru a bokiti ba. Saboda haka aikin yana da tsari. A fara dubawa, a rufe, a goge, daga nan a gwada a tabbatar.

Dalilin da ya sa nake ganin ya kamata kowa ya ɓata minti ashirin a kan wannan shi ne waya tana kuskuren ji. An tsara ta ta farka idan ta ji "Hey Google", amma takan ji wani abu mai kama da shi a cikin hira ko rediyo ta ɗauka ita ake kira, sai ta naɗi abin da ya biyo baya, har da 'yan daƙiƙu kafin farkawar. A watan Yulin 2019 kafar yaɗa labarai ta VRT da ke ƙasar Beljiyam ta samu rikodin fiye da dubu daga hannun wani ɗan kwangila da ke saurarar muryoyi don gyara fahimtar manhajar, kuma 153 daga cikinsu ba a kira Google ba sam aka naɗe su. Akwai hirar ɗakin kwana a ciki, da maganar iyaye da 'ya'yansu, har ma'aikatan VRT suka gane wasu mutanen daga adireshin da suka ambata. Google ya ce kusan kashi 0.2 cikin ɗari na muryoyin ne mutane ke saurara. Bayan hayaniyar da ta biyo baya, a watan Agustan 2020 kamfanin ya kashe adana sauti ga kowa, ya ce sai wanda ya amince da kansa. Matsalar ita ce amincewar nan taɓawa ɗaya ce, kuma mutane da yawa sun taɓa ta lokacin saita sabuwar waya, ko mai shagon da ya saita musu ya taɓa yana sauri. Tsofaffin rikodin da aka yi kafin 2020 kuma kashewar nan ba ta share su ba.

Hanya mafi tabbas ta dubawa ita ce ta burauza, don tana aiki iri ɗaya a kowace waya, har da ƙananan da ba su da ƙarfi. Buɗe Chrome ka rubuta wannan:

```
myactivity.google.com
```

Kafin ka taɓa komai, dubi kusurwar sama ta dama, inda hotonka ko harafin farko na sunanka yake. Taɓa shi ka ga wane imel ne ke buɗe. Duk abin da za ka yi daga nan wannan asusun kaɗai zai shafa. Rikodin ba a cikin waya yake zaune ba, a asusun yake, kuma idan waya tana da asusu biyu ko uku, kowanne da nasa rumbun da nasa saitin.

Gangaro ƙasa za ka ga jerin abubuwan da ka yi, sabo a sama. Taɓa Filter by date & product, ka zaɓi Assistant, sai jerin ya rage zuwa abin da aka faɗa wa mataimakin. Abin lura a kowane layi shi ne ƙaramar alamar sauti. Layin da ke da ita yana ɗauke da rikodi. Taɓa Details, sannan View recording, sannan Play, za ka ji muryarka. Wani lokaci Google zai nemi kalmar sirrinka kafin ya kunna. Ka saurari biyar ko shida, musamman waɗanda rubutunsu ba ya ba da ma'ana, irin wasu kalmomin Turanci da ba ka taɓa furtawa ba. Galibi waɗannan hirar Hausa ce wayar ta tsinta ta yi ƙoƙarin fassarawa da kunnen Turanci. Haka waɗanda aka rubuta Transcript not available a kansu: hayaniya ta yi yawa har manhajar ta kasa rubuta komai, amma sautin na iya kasancewa yana nan. Idan ka duba har ƙasa ba ka ga alamar sauti ko ɗaya ba, to asusun nan ba ya adana sauti, rubutu kawai ya rage ka yanke shawara a kansa.

Yanzu rufewa. A saman wannan shafi akwai Web & App Activity. Taɓa shi. Wanda ya fi son bi ta saitin waya zai iya zuwa Settings, sai Google, sai Manage your Google Account, sai Data & privacy, ya tarar da shi a ƙarƙashin History settings, wuri ɗaya ne. A cikinsa akwai ƙananan akwatuna, kuma wanda muke nema shi ne Include voice and audio activity. A da sunansa Include audio recordings, don haka idan wani ya nuna maka tsohon hoto da wannan suna, abu guda ne. Idan akwai maki a akwatin, taɓa ka cire shi. Wani shafin bayani zai fito, dole ka gangara ƙarshensa ka taɓa Stop saving. A nan mutane ke yawan faɗuwa: suna cire makin, su ga dogon rubutu, su danna komawa baya, makin kuwa ya koma wurinsa. Bayan ka gama, fita daga shafin ka sake shiga, ka tabbatar akwatin fanko ne.

Wannan akwati ya shafi sautin da ke zuwa ta Assistant da Search da Maps. Cire makin ba ya hana mataimakin aiki, zai ci gaba da jin ka yana amsawa, sai dai ba za a ajiye sautin a asusunka ba. Amma rubutun zai ci gaba da taruwa. Idan ka tambayi maganin wani ciwo da baki, babu wanda zai ji muryarka, amma tambayar tana nan a rubuce da ranarta da lokacinta. Wanda yake so rubutun ma ya tsaya sai ya kashe Web & App Activity gaba ɗaya da Turn off da ke saman akwatunan. Wannan yana da farashi: bincike zai daina tuna abin da ka nema a baya, Maps zai rage kawo maka wuraren da ka saba nema, wasu ayyukan mataimakin kuma za su riƙa neman ka sake kunna shi. A ganina, ga yawancin mutane tsaka-tsaki ya fi: a kashe sauti, a bar rubutu, a sa masa wa'adi. A shafin akwai Choose an auto-delete option, inda ake zaɓar wata 3, ko 18, ko 36. Zaɓi wata 3. Asusun da aka buɗe daga tsakiyar 2020 zuwa yau yana zuwa ne a kan wata 18, tsofaffi kuwa da yawa suna nan ba su da wa'adi ko kaɗan, suna riƙe da komai tun ranar farko. Amma wanda wayarsa ke yawo a hannun mutanen gida, ko wanda aikinsa ya ƙunshi sirrin wasu, kamar ma'aikacin asibiti ko lauya ko ɗan jarida, shi kam ya kashe duka.

Sai gogewa, kuma a nan ake son nutsuwa, don abin da aka goge ba ya dawowa. Koma shafin farko ka taɓa Delete. Zai ba ka zaɓi: Last hour, Last day, All time, Custom range. Idan ka taɓa All time, zai kawo jerin manhajojin Google da kake amfani da su, duk da maki a kansu. Kada ka yi saurin taɓa Next. Idan ka bar su haka, tarihin YouTube da na Chrome da na Play Store duk za su tafi tare, kuma mutane da yawa ba haka suka nufa ba. Cire makin Select all, ka sa shi a kan Assistant kaɗai, sannan Next, ka duba samfurin abin da za a goge, sannan Delete. Goge layi yana tafiya da rubutunsa da sautinsa a lokaci guda.

Search da Maps su ne masu buƙatar shawara. Muryar da ka yi bincike da ita tana gauraye da binciken da ka rubuta da hannu, don haka idan ka goge Search gaba ɗaya, duka biyun ne za su tafi. Wanda bai damu da tsohon bincikensa ba, ya sa musu maki su ma ya huta. Wanda yake so ya riƙe shi, sai ya tace jerin zuwa Search, ya bi layukan da ke da alamar sauti yana taɓa X ɗin da ke gefensu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ni dai ban ga tsohon binciken da ya kai darajar wannan wahalar ba.

Tsoron da ke hana mutane taɓa Delete shi ne kada lambobin waya ko hotuna su ɓace. Ba za su ɓace ba. Wannan shafi tarihin ayyuka ne kawai. Lambobi, hotuna, saƙonnin imel, ƙararrawar da ka saita, da hirarrakin WhatsApp duk a wasu wurare suke. Haka kuma saƙon muryar da kake aikawa ta WhatsApp ba ya cikin wannan lissafi, ba ya bi ta mataimakin Google.

Akwai gajeriyar hanya ta baki, mai amfani ga ƙananan gyare-gyare. Idan ka ga wayar ta farka a tsakiyar hira ba ka kira ta ba, layi na farko a nan yana goge abin da ta ji yanzu, na biyu yana goge na yinin:

```
Hey Google, that wasn't for you
Hey Google, delete today's activity
```

Wannan hanya ba ta wuce mako guda baya. Tarin shekaru sai ta shafin.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mai sayar da atamfa tana da Infinix da ta saya shekara biyu da suka wuce. Mai shagon waya ne ya buɗe mata imel ranar da ta saya don Play Store ya yi aiki, daga baya ɗanta ya ƙara mata wani da sunanta don harkar banki. Ta lura wayar kan haska da kanta tana cikin ciniki, sai ta ba ƙanenta ya duba. Ya buɗe shafin, ya ga imel ɗin da ke da sunanta, akwatin sauti babu maki, jerin Assistant babu komai. Ya miƙa mata wayar ya ce, "Yaya, ai babu abin da ya ɗauka, ki kwantar da hankalinki." Ta ce, "To me ya sa take haskawa tana rubuce-rubuce? Sake dubawa dai." Jerin da babu komai a cikinsa, a wayar da ake ganin tana farkawa kullum, alama ce cewa ba asusun da ya dace ake kallo ba. Da ya taɓa hoton da ke kusurwa sai ga imel na biyu, wanda mai shago ya buɗe, mai haɗe-haɗen lambobi. Shi ne mataimakin ke amfani da shi, don shi aka fara sawa a wayar. A cikinsa akwatin yana da maki, layuka kuma sun jeru da alamar sauti, da yawansu da rana tsaka, lokacin kasuwa. Ya kunna ɗaya, sai ga muryarta tana gaya wa wata kwastoma farashin turmi, da ƙarar babura a baya.

A wannan yanayi gogewa kaɗai ba ta wadatar ba, domin kalmar sirrin asusun mai shago ne ya zaɓa, kuma mai yiwuwa lambarsa ce aka sa ta dawo da asusu. Duk wanda ke da kalmar sirrin zai iya buɗe shafin nan daga ko'ina ya saurara. Abin da ya kamata ƙanen ya fara yi shi ne shiga Manage your Google Account, sashen Security, ya sauya kalmar sirri, ya sa lambar yayarsa a matsayin ta dawo da asusu, ya duba jerin wayoyin da ke cikin asusun ya fitar da wadda ba tata ba. Sannan ya cire maki, ya goge Assistant da Search da Maps a kan All time, ya sa wa'adin wata 3. Sannan ya koma imel na farko ya sa masa wa'adin shi ma. Tun da yara suna ɗaukar wayar da yamma, akwai ƙarin kariya a shafin farko mai suna Manage My Activity verification. Idan aka kunna ta, sai an sa kalmar sirri kafin a ga cikakken tarihin.

Har yanzu wayarta za ta ci gaba da haskawa, don ba a taɓa kunnen da ke jiran kiranta ba tukuna. Wannan shi ne abu na uku. Buɗe manhajar Google, taɓa hotonka, sai Settings, sai Google Assistant, sai Hey Google & Voice Match, ka kashe Hey Google. Daga nan wayar ba za ta ƙara zaman jiran kiranta ba, sai ka taɓa makirufo da hannunka. A wannan shafin ne kuma ake cire samfurin muryar, wasu wayoyin suna rubuta Delete voice model. Wannan saiti na waya ne, don haka mai waya biyu sai ya yi a kowacce. Wanda ba ya amfani da murya kwata-kwata zai iya zarcewa Settings, sai Apps, sai Google, sai Permissions, ya hana Microphone, amma ya sani binciken murya zai mutu tare. Wayoyi masu Android 12 zuwa sama suna nuna ɗan koren ɗigo a saman fuskar waya duk lokacin da wata manhaja ta buɗe makirufo, kuma yana da kyau mutum ya saba da kallonsa.

Gwajin ba ya ɗaukar lokaci. Taɓa makirufo ka tambayi abin da ba ka saba tambaya ba, kamar nisan Kano zuwa Zinder, don ka gane layin da sauƙi. Jira 'yan mintuna ka sake buɗe shafin. Idan sauti kawai ka kashe, za ka ga layin a rubuce ba tare da alamar sauti ba, Details kuma ba zai nuna rikodi ba. Idan duka ka kashe, layin ba zai fito ba sam. Idan kuwa ya fito da alamar sauti, ɗaya cikin biyu ne: ko ba ka kai ga Stop saving ba, ko wani asusun ka gyara ba wanda mataimakin ke amfani da shi ba. Tsofaffin layuka da suka sake bayyana bayan gogewa galibi daga wayar da ba ta da data ne lokacin, da zarar ta hau intanet za su ɓace.

Gogewa tana da iyakarta, kuma gara a san ta. Layin yana ɓacewa daga idonka nan take, amma a ƙa'idar da Google ya wallafa, cire shi daga rumbunansa yakan ɗauki kusan wata biyu, a kwafin ajiya na ko-ta-kwana kuma zai iya kai wata shida. Asusun wurin aiki ko na makaranta yana ƙarƙashin mai kula da shi, wani saitin ba zai taɓu daga wurinka ba. A sababbin wayoyi da yawa Gemini ya maye gurbin Assistant, kuma shi rumbunsa daban ne:

```
myactivity.google.com/product/gemini
```

A can ma ana kashewa ana gogewa, amma ko an kashe, Google yana riƙe hira har awa 72, kuma hirar da ma'aikata suka riga suka duba ana iya ajiye ta har shekara uku, a ware daga asusunka, gogewarka ba ta kai gare ta. Wannan ya isa dalilin da mutum zai kiyaye abin da yake faɗa masa tun farko.

Mai iPhone hanyarsa ta fi gajarta. A Settings, sashen Siri, akwai Siri & Dictation History, a ciki akwai Delete Siri & Dictation History. Hana adana na gaba yana cikin Privacy & Security, sai Analytics & Improvements, a kashe Improve Siri & Dictation. Idan yana amfani da manhajar Google ko Maps a iPhone ɗin, duk abin da aka bayyana a sama ya hau kansa shi ma.

Saura maganar tsofaffin wayoyi. Wanda ya yi wa waya Factory reset kafin ya sayar ya share abin da ke cikinta, amma rikodin yana nan a asusun, tun da ba a wayar yake ba. Mutane da yawa suna buɗe sabon imel duk lokacin da suka sauya waya, don sun manta kalmar sirrin tsohon, kuma kowane tsohon imel yana iya riƙe da nasa muryoyin. Idan kana tuna adireshin, kuma layin da aka yi rajista da shi yana hannunka, shiga shafin shiga na Google ka taɓa Forgot password, a turo maka lamba, ka shiga ka yi duk matakan nan a cikinsa. Idan layin ya ɓace kuma babu imel na biyu da aka sa, damar dawo da shi kaɗan ce. Tun watan Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun mutum da ya shekara biyu ba a shiga ba ana iya goge shi da abin da ke cikinsa, amma kamfanin ne ke zaɓar lokacin, don haka duk asusun da kake iya shiga yau ka goge muryoyin da ke cikinsa da hannunka.